Yadda za ka zaɓi salon rubutu da girmansa don silaid ɗin da za a haska a babban ɗakin taro

Tun bayan wani taron manoman shinkafa da munka yi a Birnin Kebbi mutane ke ta tsare ni da tambaya guda, wai sayiz nawa zan sa a PowerPoint don na baya su gani, wasu kuma su ce wane salon rubutu ya fi. Amsar da aka saba bayarwa ita ce sa 24 kawai, kuma ba ƙarya ba ce, sai dai 24 ɗin nan na ɗakin da bai yi zurfi ba ne. A hol mai tsawo da ƙaramin allo 24 ba ta kai wa rabin kujeru. Laftof ɗinka ba shi zai gaya maka sayiz ba, kujerar ƙarshe ce za ta gaya maka, don haka daga can za mu fara.

Kayan aiki ba su da yawa: tef ɗin awo irin na kafinta ko na tela, laftof ɗin da za a yi amfani da shi ranar taron, filashi, da mutum guda da zai riƙe maka bakin tef. Salon rubutun da zan ambata duk kyauta ne, wasu suna cikin Windows tun asali, wasu ɗan data kaɗan za ka kashe ka sauke. Abin da zai iya cin kuɗi shi ne man janareta na rabin awa idan za ka gwada a hol ɗin kafin ranar kuma babu wuta, kuma wallahi wannan kuɗin ya cancanci a kashe shi.

1. Auna abu biyu a ɗakin

Na farko, nisan da ke tsakanin allo da kujerar ƙarshe da mutum zai zauna. In ba ka da tef mai tsawo ƙirga tayil ɗin ƙasa, auna guda ɗaya sai ka ninka. A hol ɗin da munka yi taron tayil ɗin santimita 60 ne, na ƙirga 30 daga bango zuwa layin ƙarshe, ya zama mita 18.

Na biyu, tsayin hoton da majigi ke haskawa, daga samansa zuwa ƙasansa. Ba faɗi ba, tsayi. Namu mita 1.8 ya ba mu.

Hattara a nan: silaid ɗin za ka auna, ba farin allon ba. Majigi da yawa da ake haya a garuruwanmu tsofaffi ne masu siffar 4:3, kai kuma silaid ɗinka mai faɗi ne 16:9, sai majigin ya matse shi ya bar baƙi sama da ƙasa, tsayin silaid ɗin ya koma kashi uku cikin huɗu na allon. Allo mai mita 2 sai ka ga silaid ɗinka mita 1.5 ne kacal. In ka san irin majigin ke nan tun da wuri ka shiga `Design` sai `Slide Size` ka zaɓi `Standard (4:3)`, rubutunka zai ƙara girma a bango ba tare da ka taɓa lambar sayiz ba.

2. Yi lissafin sayiz mafi ƙanƙanta

Lissafin ga shi:

```
sayiz = 4 x (nisa / tsayin silaid a bango)
```

Namu: 18 a raba da 1.8 ya ba da 10, sau 4 ya zama 40. Ma'ana a wanga hol da wanga majigi, duk rubutun da ya gaza sayiz 40 na baya ba za su karanta shi cikin sauƙi ba.

Bari in faɗi inda 4 ɗin ta fito don kar ka ɗauka daga kaina na ƙago ta. Masu aikin allo suna da ƙa'idar cewa tsayin babban harafi kada ya gaza kashi ɗaya cikin 200 na nisan mai karatu, wato daga mita 18 harafin na buƙatar santimita 9. Shi kuma silaid na PowerPoint tsayinsa inci 7.5 ne, kowane inci yana da ma'aunin sayiz 72, duka 540 ke nan daga sama zuwa ƙasa. Sannan babban harafi ba ya cika lambar sayiz ɗinsa, wajen kashi 7 cikin 10 yake ɗauka a salo irin Arial. In ka haɗa waɗannan ukun za ka samu kusan 3.9, sai na cika ta 4 don a iya yin lissafin da ka. Shi ya sa masu cewa 24 suke da gaskiya idan kujerar ƙarshe ba ta wuce ninki 6 na tsayin allo ba, da ninki 8 kuwa 32 ake nema.

To 40 ta yi mana yawa, don bayanin taki da lokacin dashe ba zai shiga ba sai mun yi silaid kamar sittin. Sai munka ja teburin majigin baya munka haska a farin bango maimakon allon, hoton ya kai tsayin mita 2.25 da faɗin mita 4. Yanzu 18 a raba da 2.25 ya zama 8, sau 4, 32. Da 32 munka yi aiki.

Amma ka sani ja da baya yana da farashi. Hasken majigin bai ƙaru ba, shimfiɗa shi kawai ka yi a wuri mai faɗi, a namu filin ya ƙaru da fiye da rabi, sai hoton ya dusashe. Dole munka rufe tagogi biyu na gaba da labule munka kashe ƙwan da ke saman bangon. In hol ɗinku ba a iya rage haskensa, gara ka bar hoton ƙarami mai ƙarfi ka matso da kujeru gaba ko ka ɗaga sayiz. Wani lokacin cire layi uku na kujerun baya a jera su a gefe ya fi komai sauƙi.

Masu amfani da Google Slides ku lura, silaid ɗinsa na asali ya fi na PowerPoint ƙanƙanta, tsayinsa inci 5.625 ne, don haka lambobinsa ba ɗaya suke ba. Can da 3 za ka ninka maimakon 4, wato 32 na PowerPoint daidai yake da 24 na Google Slides. Na ga mutane biyu suna musu a kan wannan alhali kowa da gaskiyarsa.

Sayiz ɗin da ka samu shi ne ƙasan ƙasa. Ya shafi komai da kake so a karanta, har da lambobin cikin jadawali da rubutun gefen zane. Kanun silaid kuma ka ɗara shi da kamar rabi ko ƙasa da haka kaɗan, mu 44 munka sa.

3. Gwada haruffan Hausa kafin ka ƙaunaci kowane salo

Wanga mataki shi ne wanda jagororin Turawa ba za su gaya maka ba don ba matsalarsu ba ce. Salon rubutu da yawa, musamman masu ado da ake saukewa daga intanet, ba su da ɓ da ɗ da ƙ da ƴ. Idan babu su, kwamfuta ba ta yi maka magana, sai ta aro harafin daga wani salo ta cusa, sai ka ga kalmar ƙasa ƙ ɗinta siririya sauran haruffan masu kauri, ko ta ɗan tsallake sama da layi, wani lokacin ma akwati fanko za ka gani a wurinta. A laftof ba lallai ka lura ba, amma a bango mai mita 4 kowa zai gani.

Buɗe sabon silaid ka rubuta wannan layin da sayiz 60:

```
Ɓ ɓ Ɗ ɗ Ƙ ƙ Ƴ ƴ ₦ Illo 1 0 O
```

Sai ka riƙa canza salon kana kallo, mara kauri da kuma `Bold` duka, don akwai salon da ke da haruffan a siririnsa amma ba shi da su a mai kaurinsa. Manyan haruffan su ne sunka fi ɓacewa, alamar naira ma haka.

Na sa Illo da gangan. A Arial babban I da ƙaramin l kusan sanda ɗaya ne, sai sunan garin ya zama sanduna uku da o, mutumin da ke baya sai ya tsaya yana tunani. A Tahoma babban I yana da ɗan gicciye sama da ƙasa, nan take za ka bambance. In silaid ɗinka cike yake da sunayen garuruwa da mutane da lambobi, wannan ƙaramin abin yana da tasiri sosai.

Kuma don Allah kar a ce tunda salon ba shi da ƙ sai a rubuta k kawai. Kafa da ƙafa ba ɗaya ba ne, haka baki da baƙi. Salon za a canza, ba Hausar ba.

4. Zaɓi na jiki tukuna, sannan na kai

Mutane kan fara da neman salo mai kyau na kanu, ni kuma na fi son a fara da na jikin bayani tunda shi za a fi karantawa kuma shi ne ƙarami. Abin da ake nema a na jiki: marar ƙafafun ado a bakin haruffa, kaurinsa matsakaici, ƙananan haruffansa masu tsayi, cikin a da e da o a buɗe don kada su toshe daga nesa. Tahoma, Segoe UI, Arial da Calibri duk suna wucewa, kuma a Windows na zamani suna ɗauke da haruffanmu. Noto Sans na Google da Andika na SIL su ma suna da su cif, amma sai ka sauke.

Calibri tana da wani hali, a lamba ɗaya ta fi Arial ƙanƙanta da kusan kashi 10 cikin 100. Rubuta kalma ɗaya da su biyun a sayiz 32 ka jera za ka gani da idonka. Don haka in lissafi ya ba ka 32 kuma Calibri kake so, sa 36.

Duk salon da sunansa ya ƙare da `Light` ko `Thin` ko `Narrow` ko `Condensed` ka bar shi. Siraran layukan nan hasken majigi yana cinye su, matsattsun kuma haruffansu haɗewa suke yi. Haka masu kama da rubutun hannu irin na katin biki, wurinsu katin biki.

Na kai kuma aikinsa ɗaya ne, da an kalla a san wannan kanu ne wancan bayani. Hanya mafi aminci, kuma ita nake bi sau tara cikin goma, ita ce gida ɗaya kauri biyu: Tahoma `Bold` a kai da Tahoma a jiki, ko Segoe UI Semibold a kai da Segoe UI a jiki. In kana son bambancin ya fito sosai, misali taron jami'a ko na ma'aikata, ɗauki mai ƙafafu mai kauri a kai da marar ƙafafu a jiki, Noto Serif `Bold` da Noto Sans an ƙera su ne don su zauna tare. Mai ƙafafun ya tsaya a kanu kawai inda yake da girma.

Kuskuren da na fi gani shi ne haɗa biyu masu kama da juna, Arial a kai Calibri a jiki, ko Tahoma da Segoe UI. Ba su bambanta yadda za a ce da gangan anka yi ba, ba su kuma zama ɗaya ba, sai silaid ɗin ya yi kamar an ɗinka riga da ragowar yadi biyu masu kusan launi ɗaya. Ko dai ɗaya ko kuma bambanci a fili. Kuma biyu sun isa, na uku ba shi da aiki.

A taron manoman Tahoma munka ɗauka sama da ƙasa, saboda sunayen ƙauyuka da lambobin buhu sun yi yawa kuma laftof ɗin na aro ne, na san dai Tahoma tana ciki.

5. Saita su sau ɗaya a uwar silaid

Kar ka bi silaid ɗaya bayan ɗaya kana canzawa, za ka manta wasu. Shiga `View` sai `Slide Master`, danna `Fonts` sai `Customize Fonts`, sa na kai a `Heading font` na jiki a `Body font`. A silaid ɗin farko babba da ke saman jerin hagu ka saita sayiz na kanu da na jiki. Ka duba matakan da ke ƙasa da layin farko, wato `Second level` da `Third level`, don PowerPoint yana rage musu girma da kansa, ka ɗaga su su ma zuwa lambar da lissafi ya ba ka. In wani ne ya turo maka fayil ɗin cike da salo barkatai, `Home` sai `Replace` sai `Replace Fonts` zai canza su gaba ɗaya.

Ga gargaɗi mafi girma a duk jagoran nan. PowerPoint yana rage girman rubutu a ɓoye idan ka cika akwati, kai kana ganin ka sa 32 shi kuma ya mayar da shi ƙasa don ya shiga. Danna akwatin da maɓallin dama, `Format Shape`, `Text Options`, `Text Box`, ka cire shi daga `Shrink text on overflow` ka mayar `Do not Autofit`. Daga nan in rubutu ya yi yawa zai zubo ƙasa ka gani, wannan zubowar ita ce alamar ka raba silaid ɗin gida biyu.

6. Rage magana ta dace da sayiz

Da sayiz 32 a silaid mai faɗi, layi ɗaya yana ɗaukar haruffa kamar 50, kalmomin Hausa tara ko goma. Bayan kanu za ka samu wurin layi bakwai in ka matsa, amma ni biyar nake tsayawa, saboda ƙasan silaid ba naka ba ne, na hulunan mutanen gaba ne da gwaggwaron mata. Kashi ɗaya cikin biyar na ƙasa ka bar shi fanko ko ka sa abin da ba dole ba.

Jadawali shi ne ya fi ba mu wahala. Malamin gona ya kawo teburi daga Excel mai layi 14 na yawan taki da ranakun zubawa, da munka liƙa shi sai rubutun ya koma sayiz 12. Ya ce ai manoman suna buƙatar duka. Na ce masa Malam gaskiya ne suna buƙata, amma daga layi na huɗu na kujeru ba wanda zai gani. Abin da munka yi, munka raba shi silaid huɗu, kowane da zubi ɗaya: rana ta nawa bayan dashe, wane taki, buhu nawa, da manyan lambobi. Cikakken teburin kuma anka buga a takarda anka raba, anka kuma tura wa masu waya. Hoton takarda ko na sikirin da aka ɗauka aka liƙa shi ma haka ne, lissafin sayiz bai san da shi ba, sai ka sake rubuta abin da ke ciki da hannunka.

Kar ka rubuta jimla gaba ɗaya da manyan haruffa da tunanin za ta fi fitowa, kalmomi suna rasa siffarsu karatu ya yi nauyi. Rubutun da ya karkata ma bar shi, in kana son jaddada kalma sa mata kauri. Launi kuma a hol mai tagogi, baƙi ko shuɗi mai duhu sosai a kan fari ya fi. Majigi ba ya haska baƙi, bangon ne kawai ba haske, don haka silaid mai baƙin baya da rana toka-toka yake komawa. Ruwan ɗorawa a kan fari, ja a kan kore, toka a kan fari, duk ba sa zuwa baya.

7. Gwaji a gida, sannan a hol

Lambar nan da ka samu ta nisa a raba da tsayi za ta yi maka aiki tun a ɗaki. Auna tsayin sikirin ɗin laftof ɗinka, mai inci 15.6 wajen santimita 19 ne, ninka da 8 ya zama kusan mita ɗaya da rabi. Danna `F5`, ja baya daidai wannan nisan ka karanta. Girman da kake gani shi ne wanda na kujerar ƙarshe zai gani, sai dai laftof ya fi majigi haske da kaifi nesa ba kusa ba, don haka in a nan ma sai ka runtse ido, to a hol babu labari.

A hol kuma kar kai ka yi gwajin, kai ka riga ka san abin da ka rubuta, ƙwaƙwalwarka za ta cike maka. Mu mai gadin wurin munka roƙa, dattijo ne mai karatun boko daidai gwargwado kuma ba ya sa tabarau. Na ce Baba don Allah zauna can baya ka karanta mana da ƙarfi. Ya bi silaid ɗin ba tangarɗa har munka zo wani zane da na manta lambobin gefensa a sayiz 18, sai ya yi shiru ya ɗan miƙo wuya ya ce yaro wannan kam ƙudaje nake gani. Nan take munka ɗaga su. Ka sa shi ya zauna a kusurwar baya ma, ba tsakiya kaɗai ba, don daga gefe haruffa suna ƙara matsewa. In kuma komai ya yi hazo har manyan kanun, ba sayiz ba ne, zoben gaban majigin ne ke son juyawa ko gilashinsa ya sha ƙurar hunturu, a goge da tsumma mai laushi.

Mafi yawan masu sauraro in dattawa ne, ƙara 4 a kan abin da lissafi ya ba ka.

8. Tabbatar salon zai bi ka zuwa wata kwamfutar

Sau da yawa ranar taro za a ce kawo filashi a sa a laftof ɗin da anka riga anka haɗa. In salonka ba ya cikinta za ta maye shi da wani, layuka su karye a inda ba ka tsara ba, ƙ da ɗ su iya lalacewa. Wannan ya fi faruwa da Noto da Andika tunda saukewa ake yi, da kuma Aptos, wanda sabon Office ke sa wa da kansa amma tsofaffin Office da ke yawancin kwamfutocinmu ba su san shi ba. Wanda ya haɗa silaid a waya da WPS shi ma ya buɗe a laftof ya duba kafin ranar.

A Windows shiga `File`, `Options`, `Save`, ka yi alama a `Embed fonts in the file` ka zaɓi `Embed all characters`, fayil ɗin zai ɗan ƙara nauyi, kuma akwai salon da masu shi ba su yarda a cusa shi ba, PowerPoint zai gaya maka. Bayan haka ka ajiye kwafi na biyu a PDF, don PDF yana tafiya da haruffansa duk inda ya je. In anka buɗe na PowerPoint ka ga ya hargitse, buɗe PDF ɗin da Adobe Reader ka danna `Ctrl+L` ya cika allo, ka ci gaba da kibiyoyin kibod. Motsin silaid kawai za ka rasa. Duka biyun ka sa a filashi, ka kuma tura wa kanka a waya, sannan ka isa wurin da wuri ka buɗe silaid ɗin da ya fi kowane yawan ƙ da ɗ ka duba kafin mutane su fara shigowa.